Kalmomi uku da malamina ya ja wa layi a rubutuna na neman gurbin jami'a

Ummi_Kura:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman gurbin karatun kimiyyar abinci a wata jami'a a Birtaniya, kuma wata mai zuwa zan zauna jarrabawar Turanci ta IELTS. Na rubuta bayanin kaina da ake turawa ta UCAS, hukumar da ake neman gurbin jami'o'in Birtaniya ta hannunta, na kai wa malamin da ke mana darasin Turanci ya duba. Ga jimlolin da na buɗe da su:

"I assume that tomato farming is very significant in my community. In this essay I will analyse about the problems farmers face."

Sai ya ɗauki jan biro ya ja layi ƙarƙashin "assume" da "significant" da "analyse", ya rubuta a gefe cewa ban san aikin kalmomin ba. Abin ya tsaya mini a rai, domin shi da kansa ya ba mu jerin kalmomi ya ce irinsu masu duba rubutu ke son gani. Na haddace su, na saka su, yanzu kuma an ce ban iya ba. Na duba ƙamus, kuma ma'anarsu ita ce wadda na sani: zato, muhimmi, nazari. To ina kuskuren yake? Don Allah wanda ya sani ya warware mini.

Sadiq_Fagge:
Wa alaikis salam. Cire "about" ɗin nan kawai. Ba a cewa "analyse about", kamar yadda ba a cewa "discuss about". Kalmar kai tsaye take hawa kan abin da za a yi wa aikin. Sauran ni ban ga laifinsu ba.

Malam_Garba_GS:
Sadiq, ka gano ɗaya, amma shi ne mafi ƙanƙanta. Da "about" ce kaɗai matsalar, ita malamin zai ja wa layi, ba kalmomin uku ba.

Ummi 'yata, shekara da shekaru ina koyar da Turanci ga 'yan ajin farko a jami'a, kuma irin jimlarki ta farko na gan ta ba adadi. Bari mu ɗauki "assume" tukuna. Ƙamus bai yi miki ƙarya ba da ya ce zato, amma a rubutun ilimi ba zaton da muke yi a hira ba ne. Kin tuna a ajin lissafi idan malami ya ce "mu ƙaddara kuɗin Audu naira ɗari ne"? Bai ga kuɗin ba, bai kuma yi niyyar kawo hujja ba. Ya ɗauki abin a matsayin gaskiya ne don ya gina lissafi a kansa. To wannan ƙaddarawar ita ce "assume". Duk wanda ya rubuta ta yana faɗa wa mai karatu cewa ga wani abu da ban tabbatar ba, amma a kansa zan ɗora maganata.

Yanzu ki koma ki karanta jimlarki da wannan idon. Ke 'yar Kura ce. Kin tashi kina ganin kwandunan tumatir a bakin titi, wataƙila ma da kuɗin tumatir aka biya miki kuɗin makaranta. Amma sai kika buɗe rubutunki da gaya wa Bature cewa kina ƙaddara noman tumatir yana da muhimmanci a garinku, wato ba ki da tabbas. Kin ɗauki abin da kika fi kowa sani kin mayar da shi abin da kike lalube. Shi ya sa ya ja layi.

Ummi_Kura:
Innalillahi. Malam, ni a zatona kalma ce ta ladabi, kamar in ce "a ganina" don kada a ce na cika baki. Kuma gaskiya ne, mahaifina manomin rani ne, a Kadawa gonarsa take.

Malam_Garba_GS:
Na san haka kika nufa, kuma tarbiyya ce mai kyau a gida. Idan "a ganina" kike so, akwai "in my view". Amma a nan ko ita ba ki buƙata. Abin da kika gani da idonki faɗarsa ake yi kai tsaye.

BigGrammar_Zariya:
Ni shawarata ki bar waɗannan ƙananan kalmomin gaba ɗaya. Kowa ya san su, ba za su burge kowa ba. Ki nemo manya waɗanda sai mai dubawa ya buɗe ƙamus. Ina da jerin guda ɗari biyu da na tara tun ina sakandare, in kina so in turo miki.

Hajara_Leeds:
Ɗan'uwa, don Allah kada ka tura mata. Ba gaba nake da kai ba, amma wannan hanyar ce ta sa na biya kuɗin IELTS sau biyu. A zaman farko na cika rubutuna da manyan kalmomin da wani mai lesin ya sa muka haddace, na fito ina murna, sakamako ya zo na ci 5.5 a rubutu alhali 6.5 ake nema. Kuɗin jarrabawar nan ba ƙanana ba ne, sai da mahaifiyata ta sayar da tumakinta biyu.

Abin da ban sani ba a lokacin shi ne yadda ake rabon makin. Aiki na biyu a takardar rubutu, wanda ake so ka yi kalma 250 ko fiye cikin kamar minti 40, ana auna shi ta fuska huɗu ne daidai wa daida: ko ka amsa tambayar da aka yi, ko maganarka na da tsari da haɗin kai, yadda kake sarrafa kalmomi, sai nahawu. Kalmomi kashi ɗaya ne cikin huɗu. Kuma ko a wannan kashin ba girman kalma ake dubawa ba, dacewarta ake dubawa da kuma ko ta zauna da maƙwabtan da ta saba zama da su. Babbar kalma a gurbin da ba nata ba rage maki take yi. A zama na biyu ban ƙara kalma ko ɗaya a kan waɗanda na sani ba, na dai koyi inda kowacce ke zama.

BigGrammar_Zariya:
To amma Anti Hajara, ai a WAEC da irin wannan na ci B2. Ba a banza nake faɗa ba.

Hajara_Leeds:
Allah ya ƙara basira, B2 ba wasa ba ce. Amma ina da yaƙinin nahawunka da tsarinka ne suka ba ka ita, ba kalmomin ba.

Dan_Maradi_227:
Salamu alaikum. Ni daga Nijar nake, da Faransanci na yi karatu har na gama sakandare, yanzu ina neman jami'a a Gana. Maganar Malam Garba ta taɓa ni ta wani gefen. Mu a Faransanci muna da "assumer", kuma ma'anarta ɗaukar nauyi ko amsa abin da ka aikata ba tare da gudu ba. Na taɓa rubuta "I assume my choice" ina nufin na tsaya a kan zaɓina, duk abin da ya biyo baya nawa ne. Malamar da ta duba ta sa alamar tambaya, ta ce ba ta gane ba. Ashe ƙaddarawar da Malam ya bayyana, mu "supposer" muke ce mata. Duk ɗan Nijar ko Kamaru ko Chadi da ke nan ya kula da wannan, kalmomin sun yi kama a ido amma ba hanya ɗaya suke bi ba.

Malam_Garba_GS:
Madalla da wannan, ɗan Maradi. Sai dai in ƙara maka, Turanci ma yana da wannan ma'anar amma a ƙuntace. Ana cewa "assume responsibility" ko "assume office", wato ɗaukar nauyi ko kama ragamar mulki. Da kalmomi ƙalilan irin waɗannan take tafiya. Ba ta tafiya da zaɓi ko kuskure yadda taku take yi.

Abba_Kididdiga:
Ku ba ni dama in yi magana a kan "significant", don ita ce abincina, ƙididdiga na karanta.

Kalmar nan fuska biyu gare ta. A rubutu na yau da kullum tana nufin abu ya kai a lura da shi, ya kai abin a zo a gani. A kimiyya kuwa tana da ma'ana ta musamman: bambancin da aka gani ya yi yawan da da wuya a ce dace ne kawai. Misali, ki jefa kwabo sama sau goma. Idan kai ya fito sau shida, ba wanda zai ce kwabon na da matsala, domin ko da lafiyayyen kwabo ne, samun kai sau shida ko fiye yana faruwa kusan sau 38 cikin ɗari. Amma idan ya fito sau tara ko goma, wannan kusan sau ɗaya ne cikin ɗari. A nan sai mu fara zargin kwabon. Iyakar da aka fi amfani da ita ita ce biyar cikin ɗari, wadda za ki riƙa gani an rubuta p < 0.05 a takardun bincike.

Me ya sa wannan ya shafe ki? Kimiyyar abinci kike nema, kuma mai yiwuwa wanda zai karanta bayaninki malamin sashen ne, mutumin da kullum yake ganin kalmar da wannan ma'ana ta biyu. Idan kika rubuta cewa wani abu ya kawo "significant difference", zuciyarsa za ta tambaya: kin auna? Sau nawa? Idan ba ki auna ba, gara ki ce babba ne ko a bayyane yake.

Sadiq_Fagge:
Abba, kenan wanda bai yi gwaji ba haramun ne ya taɓa kalmar? Ai jaridun Turanci kullum suna amfani da ita.

Abba_Kididdiga:
A'a, ban ce haka ba. A rubutun tarihi ko na IELTS ba laifi ka ce an samu "significant increase" a yawan mutanen birni. Inda nake jan kunne shi ne idan kana kwatanta abu biyu da aka auna, a fagen kimiyya. Kuma akwai wani abin da ko 'yan digiri na biyu ke faɗawa: a ƙididdiga kalmar ba ta nufin abin yana da amfani. Idan ka gwada taki iri biyu a gonaki dubbai, bambancin rabin mudu a kadada zai iya tsallake gwajin, amma ba manomin da zai sauya taki saboda rabin mudu.

Hajara_Leeds:
Ƙari a kan na Abba. Ko da ma'anar yau da kullum ce, kalmar bashi take ci. Da zarar kin ce abu muhimmi ne, mai karatu yana jiran ki biya: ga wa, kuma da me? Ummi, jimlarki ta ci bashin ta wuce ba ta biya ba. Ga shi kuma kin ƙara mata "very", wanda bai ƙara komai ba sai haruffa huɗu da tazara. UCAS haruffa 4000 kacal suke ba ki har da tazarar da ke tsakanin kalmomi, kuma ga masu shiga daga 2026 an raba shi gida uku: me ya sa kike son fannin, yadda karatunki ya shirya ki, da abin da kika yi a wajen aji. Ba muƙala ba ce, don haka "in this essay I will" ma ba ta da wurin zama. Wannan ta IELTS ce, kuma ko a can ba dole ba ce.

Nura_JAMBite:
Ku yi haƙuri, ni ban gane ba. A JAMB ai ba a rubuta insha'i, tambayoyi 60 ne na Turanci ka zaɓi amsa a kwamfuta. To duk wannan wahalar ta mece ce? Ko an sauya tsari ne bana ban ji ba?

Sadiq_Fagge:
Ba a sauya ba Nura, kwantar da hankalinka. Ita waje take nema.

Maman_Khalifa:
Nura, kada ka ce ba ruwanka. Ɗana bai samu gurbi ta JAMB ba, ya bi ta IJMB, wadda Jami'ar Ahmadu Bello ke kula da ita, kuma a can rubutu ake yi da hannu shafi-shafi. Ya dawo gida bayan gwajin farko a darasin gwamnati ransa a ɓace, ya ce ya cika shafi uku an ba shi maki kaɗan, abokinsa ya yi shafi ɗaya da rabi ya fi shi. Da na karɓi takardar na ga tambayar da "analyse" ta fara, shi kuma ya zauna ya jero duk abin da ya haddace a kan batun tun daga farko har ƙarshe. Malamin ya rubuta masa a ƙasa cewa labari ya bayar. Ni ba malamar Turanci ba ce, ungozoma ce, don haka na kasa yi masa bayanin bambancin yadda zai gamsu. Malam Garba, a taimaka mana da wannan, don ita ce kalmar da ba a taɓa ba har yanzu in ban da "about" ɗin Sadiq.

Malam_Garba_GS:
Hajiya, ai ke kin fi ni sanin bambancin a aikace. Idan mai juna biyu ta zo ta ce kanta na ciwo, ƙafafunta sun kumbura, idonta na ganin dishi-dishi, wanda ya rubuta waɗannan uku a takarda ya siffanta. Ke kuwa da kika ji su kika haɗa su, kika ɗauko abin awon jini domin kin san abu ɗaya ne zai iya haifar da duka ukun, ke kika yi abin da kalmar ke nema.

Fassarar "nazari" ce ke ruɗar yaranmu, domin a wurinsu nazari shi ne a zauna a karanta littafi. Ni na fi son in ce musu feɗewa. Mahauci ba tsayawa yake ya ce ga rago fari mai ƙaho ba. Buɗe shi yake, ya raba gaɓa-gaɓa, ya san wace jijiya ce ta riƙe wane ƙashi.

Bari mu yi da tumatirin Ummi, tunda shi ke gabanmu. Ga siffantawa: manoma suna fama da asara, tumatir yana ruɓewa, farashi yana faɗuwa, babu wurin ajiya, ga tsutsa. Duk gaskiya ne, amma jeri ne, kowanne yana zaman kansa. Za ka iya juya su ta kowace fuska ba abin da zai sauya, kuma wannan ita ce alamar da nake gane cewa ɗalibi bai feɗe ba.

Ga feɗewa kuma. Manoman yankin da ruwa ɗaya suke aiki, wanda ke zuwa ta magudanai daga madatsar Tiga, kuma sanyin hunturu ɗaya suke bi domin tumatir ba ya son zafi da ruwan damina. Saboda haka kusan lokaci ɗaya suke dasawa, lokaci ɗaya kuma yake nuna. Da ya nuna ba ya jira, kwanaki kaɗan ne ya lalace. Manomin da ba shi da wurin ajiya ba shi da ikon cewa dillali "ban sayar ba, sai gobe". To ka ga faɗuwar farashi ba matsala ce mai zaman kanta ba, 'yar cikin waɗancan biyun ce: nuna a lokaci ɗaya da rashin iya jira. Sannan kwandon kaba da ake ɗora wani kan wani a mota har Legas yana matse na ƙasa, dillali ya san zai yi asarar wani kashi a hanya, sai ya cire wannan asarar tun daga kuɗin da zai ba manomi. Ita kuwa tsutsar da ta cinye gonaki a 2016 har farashi ya yi tashin gwauron zabo, daban take, domin ita ƙarancin kaya take kawowa, waɗancan kuwa matsalar yawa ce. Wanda ya cusa su a jeri ɗaya bai lura suna jan farashi ta fuskoki biyu masu karo da juna ba.

Ku duba kalmomin da suka riƙe wannan sakin layin: saboda haka, domin, sai, ita kuwa. Idan ɗanki ya duba amsarsa ya ga "and" da "also" ne kawai ke haɗa jimlolinsa, babu "because" babu "as a result" babu "whereas", to labari ya bayar ko da shafi goma ya cika.

Maman_Khalifa:
Allah ya saka da alheri Malam. Wallahi yau zan nuna masa. Misalin awon jinin nan ya zauna mini.

Ummi_Kura:
Malam, jikina ya yi sanyi. Duk abin da ka faɗa na san shi, a gabana ake yi. Ina ji Baba yana cewa ranar da kowa ya tsinka ba ranar ciniki ba ce. Ban taɓa tunanin irin wannan ne ake so a rubuta ba, na ɗauka sai abin da ke cikin littafi. A ƙarshen rubutun nawa na ce idan aka gina ɗakunan sanyi matsalar za ta ƙare. Wannan ya yi?

Abba_Kididdiga:
Yawwa, a nan ne "assume" ɗinki za ta samu gida! Wannan jimlar taki tana tsaye a kan abubuwan da kika ƙaddara ba ki faɗa ba. Kin ƙaddara akwai wutar da za ta riƙe ɗakin dare da rana. Kin ƙaddara kuɗin ajiyar kwando bai kai ribar da jiran zai kawo ba. Kin kuma ƙaddara yawancin asarar kafin a loda mota take faruwa, ba a hanya ba. Idan ta ukun nan ba haka take ba, to akwatin roba da ba ya matse kaya zai iya fin ɗakin sanyi amfani. Ɗalibar da ta rubuta "this solution assumes a steady power supply" ta nuna tana ganin ƙasan maganarta. Kalmar ta fi kyau idan kina tono abin da wata dabara ta dogara a kai, ba a manne da "I" a farkon jimla ba.

Lawan_Laburare:
Tunda an yi maganar jerin da malamin Ummi ya raba, ina jin na san asalinsa. Kalmomin nan uku duk suna rukunin farko na abin da ake kira Academic Word List. Wata malama ce, Averil Coxhead, a Jami'ar Victoria da ke Wellington a New Zealand, ta fitar da shi a 2000. Ta tara rubuce-rubucen jami'a na kalmomi kusan miliyan uku da rabi daga fannoni huɗu, wato adabi da zamantakewa, kasuwanci, shari'a da kimiyya. Ta ware kalmomi 2000 da aka fi amfani da su a Turancin yau da kullum, sannan ta zaɓo waɗanda ke yawan fitowa a duk fannonin. Ta samu iyalan kalmomi 570, ta kasa su rukuni goma, na farko su ne 60 da suka fi yawan fitowa. Jerin yana ɗauke da kusan kalma ɗaya cikin kowace goma a rubutun jami'a.

Abin lura, ƙirga abin da masana suka rubuta aka yi. Jerin yana gaya maka kalmomin da za ka yi ta cin karo da su idan kana karatu, bai ce ka yayyafa su a rubutunka ba. Kuma iyali aka ce, ba kalma ɗaya ba: "analyse" aikatau ce, "analysis" suna, jam'inta "analyses", sifa kuma "analytical". Da yawa suna rubuta "make an analyse", sun sa aikatau a gurbin suna. Amurkawa da z suke rubuta aikatau ɗin, Birtaniya da s. Ummi, tunda can kika nufa ki riƙe s, kada ki gauraya.

BigGrammar_Zariya:
To kun gani. Ashe dai haddar jeri tana da asali, ba ni na ƙirƙiro ba.

Lawan_Laburare:
Tana da shi, amma jerinka na kalmomin da ba a cika gani ba ne, wannan kuwa na waɗanda aka fi gani ne. Ni ina goyon bayan a haddace rukunin farko, 60 ba su da yawa, muddin kowace kalma da jimlarta aka haddace ta.

Hajara_Leeds:
A nan ni da Malam Lawan mun rabu kaɗan. Jimlar da aka haddace tana fitowa a jarrabawa kamar baƙuwa, kuma masu dubawa an horar da su su gane ta. Abin da ya yi mini aiki shi ne na ɗauki rubutu a fannina, duk inda na ga ɗaya daga kalmomin sai in ja layi a kan kalmar da ke gabanta da wadda ke bayanta. A haka na gane "assumption" kusan kullum tana tafe da "based on the" a gaba da "that" a baya. Ba wanda ya koya mini, ganinta sau ashirin ne ya zaunar da ita.

Lawan_Laburare:
Wanda ke da wata shida ya bi hanyarki, Hajiya. Ita wata ɗaya gare ta.

Dan_Maradi_227:
Tambaya gare ku. Ni na fi iya tunani da Hausa. Laifi ne in fara feɗe batun da Hausa kamar yadda Malam ya yi, sannan in mayar Turanci? Wani malaminmu ya hana, ya ce yana ɓata nahawu.

Malam_Garba_GS:
Malaminku yana da hujja idan jimla-jimla kake fassarawa, nan ne ake samun Turanci mai ƙashin Hausa. Amma tsara dalilai, wane ne ya haifi wane, wannan ka yi shi da harshen da kanka ya fi gudu a ciki. Ka zana shi a gefen takarda da kibiyoyi, sannan ka rufe Hausar ka rubuta Turancin daga kibiyoyin. Na san abokan aikina da ba su yarda da ni a kan wannan ba, kuma a ɗakin IELTS minti 40 ba lallai su ishe ka yin haka ba sai ka saba tun a gida.

Ummi_Kura:
Na gode ƙwarai, Allah ya biya kowa. Na zauna daren jiya na sake buɗewar. Ga ta:

"My father grows tomatoes in Kadawa, where most farms ripen in the same few weeks. Because the fruit cannot wait, he accepts whatever price the trader offers. I used to assume that cold rooms were the answer, until I noticed how much fruit is crushed in the baskets before it leaves the farm."

Na cire "analyse" da "significant" gaba ɗaya. Amma ina ɗan jin tsoro, kada a ga Turancin ya yi sauƙi da yawa kamar na 'yar firamare.

Hajara_Leeds:
Ƙanwata, kada ki taɓa shi. Kin yi aikin "analyse" ba tare da kin ambace ta ba, kuma "used to assume" ta zauna daram, don ta nuna kin sauya ra'ayi saboda abin da kika gani.

Abba_Kididdiga:
Ya yi kyau sosai. Abu ɗaya: "how much" ɗin nan ma bashi ne. Idan akwai sauran kaya a gonar Baba, ki je ki zazzage kwando biyu ko uku, ki ƙirga lafiyayyu da fasassu a sama da kuma a ƙasa, ki rubuta abin da kika samu. Ki faɗi cewa kwando uku ne kawai, kada ki kira shi "significant".

Sadiq_Fagge:
Ni dai har yanzu ina ganin ya kamata ko sau ɗaya ta saka "analyse" a wani wuri, ko a sashe na biyu inda take maganar darasin kimiyya da ta yi a makaranta. Jami'a ce fa. Kuma "farms ripen" ɗin nan, gona ce ke nuna ko tumatir? Malam Garba a duba mana.

Malam_Garba_GS:
Sadiq, wannan karon ka kama babba. Tumatir ne ke nuna. Ummi, ki mayar da shi "where most of the crop ripens". Batun saka kalmar a sashe na biyu kuwa, idan da gaske ta taɓa auna wani abu a ɗakin gwaji ta fitar da sakamako, ta saka. Idan kallo kawai suka yi malami yana yi, ta bar ta.

Ummi_Kura:
Mun taɓa gwada sitaci da ruwan aidin, amma malami ne ya ɗiga mu muna kallo. Zan bar ta. Yaya Abba, sai ranar Asabar za a yi tsinka ta gaba, zan je da littafina.

Nura_JAMBite:
Maman Khalifa, don Allah a tambayar mini Khalifa, a IJMB ɗin idan tambaya ta fara da "evaluate" ita ma feɗewar ce ko wani abu ne daban? Na fara tunanin bin ta can idan makina bai kai ba bana.